Sassan hari a manhajar Unreal: yadda ake haɗa sara, a tsallake shi ko a katse shi

A wasannin bidiyo na faɗa, idan mai wasa ya danna maɓallin hari sau ɗaya, jarumin da ke kan allo yakan kai sara guda ya koma tsayuwarsa. Idan ya danna sau uku a jere, jarumin yakan jero sara uku ba tare da ya huta a tsakani ba. Idan kuma abokin gaba ya riga shi kai duka, saran yakan yanke a tsakiya, jarumin ya yi baya yana tangaɗi. A manhajar Unreal, duk waɗannan abubuwa uku suna iya fitowa daga fayil ɗaya da ake kira montaj, wanda sunansa a kan allo shi ne `Animation Montage`.

Unreal manhaja ce ta gina wasanni, mallakar kamfanin Epic Games da ke garin Cary a jihar North Carolina ta Amurka. Ta samo sunanta daga wasan Unreal na 1998, kuma zubinta na biyar ya fito a 2022. A cikinta, motsin jarumi na yau da kullum, wato tsayuwa da tafiya da gudu da tsalle, yana ƙarƙashin wani tsari mai suna `Animation Blueprint`, wanda ke duba saurin jarumi da halin da yake ciki ya zaɓi motsin da ya dace. Hari kuwa ba ya bin wannan hanya cikin sauƙi, domin abu ne da ke zuwa lokacin da aka kira shi, ya yi aikinsa ya wuce. Montaj shi ne kayan aikin da aka tanada don irin wannan motsi. Ana kiransa da umarni, ya hau kan motsin yau da kullum na ɗan lokaci, sannan ya sauka ya mayar da jarumi hannun tsarin farko.

Hawan nan yana bi ta wata kafa da ake kira `Slot`. Kowane montaj yana da kafar da yake fita ta cikinta, wadda sunanta na asali shi ne `DefaultSlot`, kuma dole a dasa kafa mai wannan suna a cikin `AnimGraph` na jarumin. Wanda ya manta da wannan zai ga abin mamaki: umarnin kunna montaj ya yi nasara, har ya dawo da tsawon montaj ɗin a matsayin amsa, amma jarumi yana tsaye ƙyam. Da umarnin ne ya gaza, sifili zai dawo da shi. Saboda haka lamba mai kyau tare da jiki mara motsi alama ce ta cewa matsalar tana wajen kafa.

Sassa da hanyoyin da ke tsakaninsu

Montaj yana da layin lokaci, wanda ake jera guntayen motsi a kansa ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan layi ake kafa sassa. Sashe ba komai ba ne illa suna da aka liƙa wa wani wuri a layin. Yana farawa daga inda aka kafa shi, ya ƙare inda na gaba ya fara. Sabon montaj yana zuwa da sashe ɗaya tak mai suna `Default`, sauran kuwa mai aikin ne ke ƙirƙira ya raɗa musu sunan da ya ga dama.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, jerin sassa a kan layin lokaci daban yake da jerin da za a bi wajen kunna su. Kowane sashe yana riƙe da bayani guda: wane sashe ne zai biyo bayansa. Amsar tana iya zama maƙwabcinsa, ko wani can nesa, ko shi kansa, ko babu kowa. Idan babu kowa, montaj yana ƙarewa a ƙarshen wannan sashe ko da akwai sauran motsi a gaba. Idan shi kansa ne, sai ya yi ta maimaituwa har a ba shi wani umarni. Ana tsara waɗannan hanyoyi a wani akwati mai suna `Montage Sections`.

Hari ɗaya yana da gaɓoɓi uku, kuma duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san su: ɗan dambe yana ja da hannu baya, ya kai naushi, sannan ya janye ya gyara tsayuwa. Gaɓa ta uku, wato janyewar, ita ce ake tsallakewa idan ana son jera hari, kuma ita ce lokacin da jarumi ya fi zama a buɗe ga abokin gaba. Don haka gwanayen aikin sukan ware ta su ba ta sashenta na kanta.

Misalin mai takobi

A ɗauki jarumi mai takobi da aka tsara wa sara uku. An zana motsinsa a kan firem 30 a kowane sakan, wato hotuna talatin ne ke wucewa a sakan guda. An raba montaj ɗin gida shida. `Sara1` yana ɗaukar firem 0 zuwa 18, wato sakan 0.6. `Komawa1` yana biye da shi daga 18 zuwa 33, rabin sakan, inda jarumi ke sauke takobi ya koma tsayuwa. `Sara2` yana daga 33 zuwa 51, `Komawa2` daga 51 zuwa 66. Sara na ƙarshe mai nauyi ne, don haka `Sara3` yana cin cikakken sakan guda daga 66 zuwa 96, `Komawa3` kuma ya kai zuwa 120. Layin gaba ɗaya sakan huɗu ne.

Hanyoyin da za a adana a fayil ɗin su ne: kowane sara yana kaiwa ga komawarsa, kowace komawa kuma ba ta kaiwa ko'ina. Wannan yana buƙatar kula, domin sassan da aka ƙirƙira sukan zo a sarƙafe da juna bisa jerin layin. Idan ba a tsinke hanyar da ta tashi daga `Komawa1` zuwa `Sara2` ba, dannawa ɗaya za ta sa jarumi ya zazzage sara uku da komawa uku, sakan huɗu cur, mai wasa yana kallo. Wannan ne kuskuren farko da kusan kowane sabon shiga ke yi, kuma gyaransa dannawa biyu ce a akwatin sassa.

Da an tsara hanyoyin daidai, dannawa ɗaya tana ba da `Sara1` da `Komawa1`, jimillar sakan 1.1, montaj ya ƙare. To, idan mai wasa ya sake dannawa yayin da saran farko ke gudana fa? A nan umarni na farko ke shigowa:

```cpp
AnimInstance->Montage_SetNextSection(FName("Sara1"), FName("Sara2"), Montaj);
```

Ma'anarsa ita ce: idan `Sara1` ya ƙare, a wuce `Sara2` maimakon `Komawa1`. Ba ya taɓa abin da ke gudana yanzu. Saran farko zai kammala har firem 18, sannan kan montaj ya ɗauke zuwa firem 33, firem goma sha biyar na komawa su tafi ba a gan su ba. Idan aka maimaita haka a sara na biyu, cikakken jerin zai ɗauki sakan 0.6 da 0.6 da 1.0 da 0.8, wato sakan uku maimakon huɗu. Canjin kuma yana kan wannan kunnawar kaɗai. Fayil ɗin da ke ajiye bai canza ba, don haka hari na gaba zai fara da hanyoyinsa na asali.

Ba kowace dannawa ake karɓa ba. Da za a karɓa tun daga firem na farko, mai wasa da ya danna sau biyu cikin gaggawa zai sami sara na biyu da bai yi niyya ba. Saboda haka ake ware tazara a cikin saran, a misalin nan daga firem 10 zuwa 18, wadda a cikinta kaɗai dannawa ke da tasiri. Ana shata tazarar da wata alama mai tsawo a kan layin lokaci, `Montage Notify Window` ko `Anim Notify State`, wadda ke sanar da shirin wasan lokacin da ta fara da lokacin da ta ƙare. Akwai kuma alama mai ɗigo ɗaya, `Anim Notify`, wadda ke bugawa sau ɗaya a wurin da aka kafa ta, kamar ƙarar takobi ko ƙurar ƙafa. Bambancin waɗannan alamu biyu zai dawo a gaba, domin a nan ne yawancin ɓarna ke ɓuya.

Umarni na biyu ba ya jira:

```cpp
AnimInstance->Montage_JumpToSection(FName("Sara2"), Montaj);
```

Wannan yana ɗauke montaj daga duk inda yake ya ajiye shi a farkon sashen da aka ambata, nan take. Amfaninsa yana bayyana idan mai wasa ya ɗan makara. A ce ya danna a firem 22, lokacin da `Sara1` ya riga ya ƙare, jarumi ya fara sauke takobi. Canza magajin `Sara1` ba shi da amfani kuma, tunda an wuce wurin. Sai dai a yi tsalle.

Tsallen yana da farashi. Ba ya sajewa. Hoton firem 22 ne yanzu, hoton firem 33 ne na gaba. Mai tsara motsi ya daidaita ƙarshen `Sara1` da farkon `Sara2` don su haɗu ba tare da an ga ɗinki ba, amma bai daidaita tsakiyar komawa da komai ba. Takobin da ya sauko zuwa ƙugu zai bayyana a kafaɗa cikin ƙiftawar ido. A firem uku ko huɗu na farkon komawa, bambancin ƙarami ne, ido ba ya kama shi a cikin zafin faɗa. Bayan nan kuwa fizgar tana fitowa fili. Wasu sukan kauce wa wannan ta hanyar sake kunna montaj ɗin daga farko tare da ba shi `Sara2` a matsayin sashen farawa, domin sabuwar kunnawa tana shigowa da sajewa. Hanya ce mai aiki, sai dai tana katse tsohuwar kunnawar, kuma katsewa tana da nata sharuɗɗan.

Akwai wani iyaka da ba ya bayyana a kan layin lokaci. Montaj ba ya sauka farat ɗaya; yana janyewa sannu a hankali yayin da motsin yau da kullum ke dawowa, kuma tsawon wannan janyewa a tsarin asali rubu'in sakan ne, wanda aka rubuta a `Blend Out`. Don janyewar ta kammala daidai ƙarshen sashe, dole ta fara tun kafin ƙarshen. `Komawa1` yana ƙarewa a sakan 1.1, ba shi da magaji, don haka janyewa tana farawa a sakan 0.85, tsakanin firem 25 da 26. Daga wannan lokaci manhajar ta daina lissafa montaj ɗin cikin masu aiki, ko da yake ana ganin sauran motsinsa a allo. Umarnin tsalle ko na canza magaji da ya zo a firem 28 ba zai sami kowa ba. Mai wasa zai ce maɓalli ya ƙi shi, mai gina wasan kuma ya duba layin ya ga saura firem biyar. Tazarar makara a wannan misali dole ta rufe kafin firem 25, ko a rage tsawon janyewar.

Sashe mai maimaita kansa yana nuna bambancin umarnan biyu ƙarara. A hari mai nauyi da ake riƙe maɓalli kafin a saki, ana yin sashen riƙo da ke komawa kansa, a ce tsawonsa rabin sakan. Idan aka saki maɓalli aka yi amfani da canza magaji, jarumi zai ƙarasa zagayen da yake ciki tukuna, jinkirin zai iya kaiwa rabin sakan, kuma hannun mai wasa zai ji shi. Tsalle ya fi dacewa a nan, tunda jarumi kusan a tsaye yake a duk tsawon riƙon, babu fizgar da za a gani.

Katsewa

Tsallakewa tana faruwa a cikin montaj. Katsewa kuwa tana kawo ƙarshensa. Tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce umarni kai tsaye:

```cpp
AnimInstance->Montage_Stop(0.1f, Montaj);
```

Lambar ita ce tsawon janyewa, a nan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ta biyu ita ce kunna wani montaj. An kasa kafofin montaj rukuni-rukuni, kuma a tsarin asali sabon montaj yana kore duk wanda ke gudana a rukuninsa. Idan motsin shan duka da motsin kaucewa suna rukuni ɗaya da hari, kunna ɗayansu ya isa ya yanke saran. Injin ba ya tambayar ko ya dace. Dokar cewa ana iya kaucewa a lokacin komawa amma ba a tsakiyar sara ba, mai gina wasan ne zai rubuta ta, kuma sunayen sassa ne ke sauƙaƙa masa: `Montage_GetCurrentSection` yana dawo da sunan sashen da ake ciki, sai a duba ko yana cikin waɗanda aka yarda a katse.

Masu aiki da `Blueprint`, wato tsarin haɗa akwatuna da layuka maimakon rubuta umarni, suna kunna montaj da akwatin `Play Montage`. Yana da mafita da yawa, uku daga ciki sun shafi ƙarshen montaj: `On Blend Out` idan janyewa ta fara bisa ƙa'ida, `On Completed` idan ya kammala, da `On Interrupted` idan an katse shi. Montaj ɗin da aka katse ba ya taɓa bi ta `On Completed`.

Daga wannan ƙaramar gaskiya ne sananniyar matsalar jarumin da ya daskare ke fitowa. Yawancin wasanni suna da ma'ajiyar eh ko a'a, sau da yawa mai suna `bIsAttacking`, wadda ake kunnawa a farkon hari don hana fara wani a kansa, a kashe ta idan ya ƙare. Idan an ɗora kashewar a kan `On Completed` kaɗai, komai zai tafi daidai muddin ba a taɓa jarumi ba. Ranar da ya sha duka a tsakiyar sara, ma'ajiyar za ta zauna a kunne, jarumi ya ci gaba da tafiya da gudu amma ya ƙi sake ɗaga takobi. Ana gane wannan cuta da cewa ba ta bayyana a filin gwaji da babu abokin gaba.

Ta biyu ta fi muni, kuma ta shafi alamun da aka ambata. Takobi ba ya yin illa a kowane lokaci. Ana kunna yankansa na ɗan firem kaɗan, a misalin nan daga 9 zuwa 13. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa alama mai ɗigo ɗaya a firem 9 don kunnawa, wata a firem 13 don kashewa. To amma montaj ɗin da aka katse ba ya ƙara buga alamunsa, haka kuma tsalle ba ya buga alamun da ya haure. Idan duka ya sami jarumi a firem 11, alamar kashewa ba za ta zo ba har abada. Sakamakon shi ne jarumi da ke yawo da takobi mai ci, duk wanda ya goga da shi sai ya ji rauni. Alama mai tsawo ta fi aminci, domin farkonta da ƙarshenta abu ɗaya ne a wurin injin, yana kiran ƙarshen idan ta daina aiki. Duk da haka, al'adar da ta fi inganci ita ce a tara duk aikin shara wuri ɗaya, wato kashe yanka, rufe tazarar dannawa, da sauke ma'ajiyar hari, a kira shi daga mafitar kammalawa da ta katsewa baki ɗaya.

Nan ma akwai tarko ga masu sake kunna montaj daga `Sara2`. Tsohuwar kunnawar tana iya sanar da katsewarta bayan sabuwar ta riga ta fara. Idan sharar ba ta bambance tsohuwa da sabuwa ba, za ta sauke ma'ajiyar da sabon saran ya ɗaga yanzun nan, jarumi ya zama yana sara alhali wasan yana ganin ba ya yi. Magani ɗaya shi ne a ba kowane hari lamba, shara ta yi aiki kawai idan lambar da ta zo da ita ta yi daidai da ta harin da ke gudana. Wannan wahala ce ta sa canza magaji ya fi tsafta a duk inda zai yiwu: kunnawa ɗaya ce daga saran farko har na ƙarshe, ƙarshe ɗaya ne kuma za a saurara.

Lokacin da alama ke bugawa ma yana da zaɓi, a `Montage Tick Type`. Nau'in `Queued` yana tara alamu ya buga su bayan an gama lissafin motsi na wannan firem, don haka yana iya makara kaɗan. Nau'in `Branching Point` yana tsayar da lissafin daidai wurin alamar ya buga ta, abin da ya fi cin ƙarfin na'ura. Ga ƙarar takobi, makarar firem ɗaya ba komai ba ce. Ga alamar da za ta yanke shawarar sashen da za a shiga, musamman idan tana dab da ƙarshen sashe, makarar tana iya sa shawarar ta iso bayan an wuce mararrabar, kuma hakan ya fi faruwa a na'ura mai rauni inda firem ɗaya ke cin lokaci mai tsawo.

Sunayen sassa rubutu ne kawai, babu abin da ke tabbatar da su kafin wasa ya tashi. Nau'in `FName` ba ya bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, don haka `sara2` da `Sara2` ɗaya ne, amma `Sara_2` wani abu ne daban. Tsalle zuwa sunan da babu shi ba ya rushe wasan. Ba ya yin komai, sai gargaɗi da yake bari a `Output Log`. Idan mai tsara motsi ya sake wa sashe suna bai gaya wa mai rubuta umarni ba, jerin hari zai tsaya a saran farko, kuma a wannan akwatin gargaɗi ne ya kamata a fara dubawa.

Idan saran yana ɗauke da taku zuwa gaba, wanda ake kunnawa da `Enable Root Motion`, motsin ne ke tura jarumi a fili, kuma takun sashen da aka tsallake ba ya shiga lissafi. A ce `Komawa1` yana da ɗan ja da baya na taku guda. Mai jera sara uku ba zai yi wannan ja da baya ba, zai ƙare kusa da abokin gaba fiye da mai sara ɗaya-ɗaya. Dole a gwada nisan takobi a kan hanyoyin biyu. A wasan da mutane da yawa ke bugawa ta intanet kuwa, kunna montaj ko tsalle a na'ura ɗaya ba ya isa sauran na'urori da kansa. Sai an aika umarnin ta uwar garke, ko a yi amfani da `Gameplay Ability System` na Epic, wanda ke aika montaj ɗin da ke gudana da wurin da ya kai da sashen da zai biyo baya ga sauran masu wasa.